Rubuta Tallar Shagon Hoto da na Kyaututtuka a Lokacin Yaye Ɗalibai da Fitar Sakamako

Daga watan Yuli zuwa wajen Oktoba, masu shagon ɗaukar hoto da masu sayar da kayan kyauta a garuruwa irin su Kano da Zariya da Sakkwato suna samun wani ciniki wanda ba na Sallah ba ne, ba kuma na biki ba. A wannan tsakani ne makarantun firamare da na sakandare ke rufe zango na uku su yi bikin yaye ɗalibai, a nan ne kuma sakamakon manyan jarrabawa ke fitowa. Kalmomin da mai shago zai rubuta a bana, ko takardar talla, ko sitatus na WhatsApp, ko ya ba gidan rediyo ya karanta, su ake nufi da rubutun talla. Yawanci ba ya wuce layi biyar ko shida, amma shi ke sa uban yaro ya buga waya ko ya wuce abinsa.

Abu na farko da mai rubutun ya kamata ya rarrabe shi ne cewa lokacin ya ƙunshi abu biyu masu halin da ya sha bamban. Bikin yaye ɗalibai yana da rana tsayayya. Makaranta ta sa ranar tun makonni kafin ta zo, an raba katin gayyata, an san ko yara nawa ne a ajin ƙarshe, kuma duk wanda ya zo wurin da farin ciki ya zo. Haka walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyya, haka bikin yaye ɗaliban jami'a, haka ranar da masu yi wa ƙasa hidima ke karɓar takardar sallama. Sakamakon jarrabawa kuwa ba ya yin sallama. An san dai WAEC ta saba fitar da nata a watan Agusta, na NECO kuma yakan biyo baya wajen Satumba ko Oktoba, amma ainihin ranar sai an ji sanarwa. Idan kuma ya fito, a layi ɗaya za a sami gidan da ake guɗa da gidan da aka yi tsit.

Shekarar 2025 ta nuna wannan a fili. Ranar 4 ga Agusta WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 na waɗanda suka rubuta jarrabawar ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan kwana huɗu, ranar 8 ga watan, hukumar ta ce an yi kuskure wajen makin, ta sake fitar da sakamakon, adadin ya koma kashi 62.96. Mai shagon da ya manna tallar "muna taya waɗanda suka yi nasara murna" a ranar farko, ya yi magana ne da ƙasa da mutum huɗu cikin goma, sauran kuwa ya fama musu ciwo. Wanda kuma ya yi gaggawar buga wa yaro makinsa a jikin firam a wannan mako, mai yiwuwa abin da ya buga ya tashi daga aiki kafin Juma'a ta wuce. Ko a adadi na biyun, fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su haɗa kiredit biyar ɗin ba, ban da waɗanda aka riƙe sakamakonsu ana bincike.

Saboda haka tallar da ta fi tsira a wannan lokaci ita ce wadda aka ɗora a kan kammala makaranta, ba a kan cin jarrabawa ba. Duk ɗan aji shida na sakandare ya gama shekara shida, ko ya sami A1 ko ya sami F9, kuma iyayensa sun biya kuɗin shekara shidan. Jimla irin "shekara shida ba wasa ba ce, Allah ya sanya albarka" ta shafi kowane gida a unguwa. Addu'a ma ta fi taya murna faɗi a nan, domin "Allah ya sa albarka a karatu" ba ya ware kowa, alhali "barka da nasara" yana tambayar mai karatu ko yana ciki. Wanda ya ci da kyau ba ya buƙatar a tuna masa. Da kansa zai zo da takardar sakamakon a hannu. A Maraɗi da Damagaram, inda ake jiran sakamakon BEPC da na BAC, lamarin ya ƙara tsauri, tun da wasu ɗaliban sukan tsallake ne sai a zagaye na biyu, kuma tallar da ta ɗauka an gama komai a ranar sanarwar farko ta yi azarɓaɓi.

Tambaya ta biyu ita ce da wa ake magana. Hoton na ɗalibi ne, amma kuɗin ba nasa ba ne. Yaron da ya gama firamare ko sakandare ba shi ke cire naira dubu bakwai daga aljihu ba. Uwa ce, ko uba, ko yayar da ke aure a wani gari, ko kawu, ko gwaggo. A shagon kyaututtuka ma abin ya fi fitowa sarari, domin ba wanda ke saya wa kansa kyautar gama makaranta. Masu shago da yawa sukan buɗe talla da "ɗalibai, ku garzayo", sai su ga yara sun cika shago suna tambayar farashi suna tafiya. Idan aka buɗe da "Iyayen 'yan aji shida" ko "Ƙanwarki ta gama sakandare?", wanda kuɗi ke hannunsa ya ji an kira shi. Ɗaliban jami'a ne kawai suka fita daga wannan ƙa'ida, su kan biya da kansu, sau da yawa ma a ƙungiyance ta hannun shugaban aji, don haka tallarsu takan yi maganar farashin mutum ashirin ko talatin a dunƙule.

Sanin wanda ake yi wa magana shi ke zaɓar lafazi. Da iyaye ana amfani da "ku" na girmamawa, ko a kauce wa nuna mutum gaba ɗaya a ce "a kira wannan lamba", "a zo da yaro da kayan makaranta". Wasan baki da salon samari, wanda zai yi armashi a rukunin 'yan ajin ƙarshe na jami'a, idan ya faɗa hannun Alhajin da zai biya sai ya zama raini. Akwai kuma matsalar "ka" da "ki". Tallar da ta ce "zo ka ɗauki hotonka" ta bar 'yan mata a waje, alhali su da iyayensu mata su ne ƙashin bayan wannan ciniki. A jikin kayan kyauta ba a iya ɓuya a bayan "ku", tun da kyautar ta mutum ɗaya ce, don haka dole mai shago ya tanadi kowane rubutu kala biyu: "Allah ya yi maka albarka" da "Allah ya yi miki albarka". Kofi hamsin da aka buga da "maka" domin makarantar 'yan mata asara ce da ba ta gyaruwa.

Ana iya ganin yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa idan aka ɗauki misalin wani ƙaramin shagon hoto da ke kusa da wata makarantar sakandare mai zaman kanta, wadda za ta yaye ɗalibanta ranar wata Asabar a tsakiyar Yuli. Farashin da ke cikin misalin na kwatance ne, kowa zai sa na garinsu. Rubutun da mai shagon ya fara yi shi ne irin wanda ake gani a ko'ina:

"GAGARUMAR GARAƁASA!!! Muna taya ɗaukacin ɗaliban da suka yi nasara murna. Ku garzayo shagonmu domin hotuna masu inganci cikin farashi mai rahusa. Aiki nan take. Mu ne na ɗaya a gari. Sai kun zo!"

Wanda ya karanta wannan bai san abin da zai samu ba, bai san nawa zai biya ba, bai san ranar da zai karɓa ba. Idan aka cire "ɗalibai" aka sa "amare", tallar ta koma ta biki ba tare da an taɓa sauran ba, kuma wannan gwaji ne mai sauƙi da ke nuna rubutu bai kama ƙasa ba. "Inganci" da "rahusa" kowa na faɗa, har wanda ba shi da su. Mafi haɗari a ciki shi ne "aiki nan take", domin alkawari ne da lissafi ba ya goyon bayansa.

Ga lissafin. Ɗaukar yaro guda, da sa masa riga da hula, da jiran uwa ta gyara mayafi, da hoton su uku tare da uba, ba ya kasa minti 15. Daga tara na safe zuwa shida na yamma, in an cire sa'a guda ta salla da abinci, sa'a takwas ke nan, wato mutum 32 idan komai ya tafi daidai, kuma ba ya tafiya daidai. A ce 30. Gyaran hoto ɗaya a kwamfuta, a daidaita haske, a share ƙuraje, a gyara bango, yana cin minti goma. Hoto uku ga kowane mutum rabin sa'a ke nan, mutum 30 kuma sa'a 15. Wannan aikin kwana biyu ne cur ga mutum ɗaya, kafin a je wanki, kafin a sa a firam, kafin a yi maganar ɗaukewar wuta. Wanda aka ɗauka ranar Asabar, gaskiyar ranar karɓarsa Laraba ce. Idan talla ta ce "nan take", to ranar Lahadi da safe za a fara sallama a ƙofar shago da ɓacin rai.

Sai maganar garaɓasa. A ce kunshin, wato hoto kala uku da za a tura a waya da guda ɗaya mai inci 8 da 10 a cikin firam, ana sayar da shi naira 7,500. Firam ya ci 2,500, wanki 1,000, man janareta da sallamar yaron shago 1,000, jimla 4,500, riba 3,000. Ragin kashi 20 cikin 100 a ido ƙarami ne, amma naira 1,500 ne, rabin ribar ke nan, kuma an yi shi ne a ranar da ko ba ragi layi zai cika. Abin da ya fi dacewa shi ne gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara ɗan hannu a kan mudu maimakon ya rage kuɗi. Takardar hoto mai inci 4 da 6 tana ɗaukar fasfo takwas, kuɗin wankinta kaɗan ne, kuma duk wanda ya gama sakandare zai nemi fasfo nan da 'yan makonni domin cike takardun neman gurbin karatu. Gyaran da ake buƙata ya fi ragin da ba a nema ba daraja a wurin uwa.

Bayan wannan lissafi rubutun ya koma haka:

"Iyayen 'yan aji shida: ranar Asabar 19 ga Yuli ake yaye su. Hoton yaro ko yarinya da iyaye, kala uku a waya, da guda ɗaya mai inci 8 da 10 a cikin firam, N7,500. Gyara: fasfo takwas na neman makaranta. Akwai riga da hula a shago, ba sai an yi haya ba. Ana karɓar firam ranar Laraba. Mutum 30 za mu iya ɗauka a ranar. A kama layi ta wannan lamba da kafin alƙalami N2,000. Allah ya yi musu albarka."

Ba wata kalmar kirari a ciki, amma kowace jimla tana amsa tambayar da da sai an buga waya an yi ta. Farashi ya fito ƙarara. Wasu masu shago suna ɓoye shi su rubuta "a tuntuɓe mu", suna ganin haka zai jawo magana. Abin da yake jawowa shi ne dattijo ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa ya yi shiru, domin ba kowa ke son ya tambayi kuɗi sannan ya janye ba. Girman hoton ma an faɗe shi da inci, saboda "babban firam" a zuciyar mai saye yakan fi wanda ke zuciyar mai shago girma, kuma daga nan rigima ke tashi ranar karɓa. Maganar mutum 30 gaskiya ce da lissafi ya haifa. Idan aka rubuta ta alhali ƙarya ce, aka kuma ɗauki mutum 60, unguwa za ta gane, kuma baɗi ba mai kama layi da wuri. Kafin alƙalami yana tace masu "in sha Allahu zan zo" daga masu zuwa. Ana sakin irin wannan talla kamar kwana goma kafin ranar, a maimaita ta saura kwana uku tare da faɗin adadin gurbin da ya rage.

Akwai layi ɗaya da ke da nauyi a Arewa wanda ba ya cikin misalin, domin sai shagon da ya tanade shi ne zai rubuta: cewa mace ce ke ɗaukar hoton mata, ko akwai labule da wurin canza kaya. Na biyunsa shi ne alkawarin cewa ba a ɗora hoton kowa a intanet sai da izini. Gidaje da dama abin da ke hana su kawo 'ya'yansu mata ke nan, ba kuɗi ba. Wannan ya wuce ladabi kawai, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma iyaye ko mai riƙo ne ke bayar da izini a madadinsa. Yawancin masu gama sakandare ba su kai ba, ko kuma suna bakin kaiwa. Takardar sakamako ma haka: tana ɗauke da cikakken suna da lambar jarrabawa da hoton ɗalibi, don haka ɗora ta a talla domin a nuna "kwastomanmu ta ci A1 bakwai" tona bayanin yarinya ne, ko da ita ce ta turo da murna.

Tallar ranar sakamako ana rubuta ta ne tun kafin ranar, a ajiye. A farkon Agusta mai shago ya riga ya tsara ta, saura kawai ya danna idan sanarwa ta fito, domin zafin labarin kwana biyu ko uku ne, sitatus na WhatsApp kuma sa'a 24 yake yi ya ɓace. A shagon kyaututtuka tana iya zama kamar haka: "Sakamako ya fara fitowa, Allah ya sa a ji alheri. Yaya, ƙaninki ko ƙanwarki sun gama shekara shida. Kofi mai suna da jota da biro a cikin kwali, N6,000, ana bugawa cikin kwana biyu. Muna kaiwa har gida a cikin gari." Kalmar "fara" tana da aiki a wurin, ta bar ƙofa a buɗe ga wanda nasa bai buɗe ba tukuna da wanda ke jiran NECO. Kai kaya gida kuma shi ne abin da yayar da ke Abuja ko Kaduna ke nema, tun da ba za ta zo da kanta ba.

Rubutun da ake bugawa a jikin kaya ya fi na talla tsada idan aka yi kuskure. Suna guda yana da rubutu uku ko huɗu: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, A'isha, Aisha, Aishatu. Ƙa'idar ita ce mai saye ya rubuto sunan da hannunsa a saƙo, a tura masa samfurin ya ce ya yi, sannan a buga. Sunan da aka karɓa da baki a waya shi ke dawowa. Laƙabin sana'a ma a yi hattara da shi. Wanda ya gama digirin lauya bai zama Barista ba sai ya gama makarantar horar da lauyoyi an rantsar da shi, kuma ɗalibin likitanci sai an yi masa rantsuwar shiga aiki. Iyaye kan so a buga laƙabin tun da wuri, mai shagon da ya san abin yakan ba su shawarar a dakata. A walimar sauka kuwa, masu lura ba sa buga aya a takardar talla ko jota ko leda, domin ƙarshensu ƙasa ne ko kwandon shara. Sunan ɗalibi da na makaranta da shekara da addu'a cikin Hausa sun wadatar, aya kuma a bar ta ga allon zayyana da firam da za a rataya a bango.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da tasu matsalar. Yawancin salon rubutu na ado da masu zanen bana ke so ba su da su, sai a ga ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko harafin ya fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma. A duba wannan a samfuri kafin a buga mai ƙafa shida. A saƙon tes kuma, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko alamar naira ko ɗaya, sai ya koma 70, saƙon da za a biya kuɗin ɗaya ya zama uku. Shi ya sa masu tura tes da yawa suke rubuta N a gaban kuɗi, su bar lanƙwasa, su kuma kauce wa kalmar da ma'anarta za ta rikice idan babu ita. A rediyo damuwar wata ce: kunne ba ya komawa baya, don haka farashi ɗaya ake faɗa, da kwatancen wuri da abin da kowa ya sani, kamar masallaci ko gidan mai, a maimaita lambar waya sau biyu.

Ya kamata kuma a san halin makarantar da ake yi wa talla. A 'yan shekarun nan wasu jihohi da makarantu sun hana bikin rubuce-rubuce a jikin farar riga da ɗalibai ke yi ranar jarrabawar ƙarshe, wasu kuma sun taƙaita bikin yaye 'yan nazare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Tallar farar riga da maka a ƙofar makarantar da ta hana abin tana iya ɓata tsakanin mai shago da shugaban makaranta, wanda a hannunsa izinin kafa kyamara a filin taro yake. Haka nan sa sunan makaranta ko tambarinta a bana ba tare da izini ba yana nuna kamar ita ta ɗauki mai hoton.

Gane ko rubutu ya yi aiki ba ya buƙatar na'ura. Irin tambayoyin da ke shigowa su ne ma'auni. Idan mutum goma sun kira suna tambayar "nawa ne" ko "a ina kuke", akwai abin da ya faɗi daga tallar. Idan yara ne ke ta kira babu manya, an yi magana da wanda ba shi ne mai biya ba. Idan ana ta yabawa a sitatus amma ba kafin alƙalami, ko dai farashin ya yi wa unguwar yawa, ko ba a faɗi abin da za a yi bayan karantawa ba. Wasu sukan bambanta tallar kowace kafa da ɗan abu kaɗan, misali a ce wanda ya zo da takardar talla a hannu shi ke da gyaran fasfo, sai a ƙirga takardun da suka dawo a san ko kuɗin buga su ya fita. Ana rubuta wannan a littafin shago tare da ranar da aka saki kowace talla, domin shi za a buɗe a watan Yunin baɗi. Banar da ke ɗauke da kwanan wata da farashi kuma a sauke ta washegarin bikin, tun kafin wani ya zo a watan Nuwamba ya nuna ta da yatsa ya ce a yi masa a tsohon kuɗi.